Saƙon Imel Mai Cewa Ma'ajiya Ta Cika ko Za a Goge Asusu: Abin da Yake Nufi

Ma'ajiyar intanet wuri ne da kamfani ke ware wa mai asusu a cikin manyan kwamfutocinsa, domin ajiye hotuna da bidiyo da takardu da saƙonnin imel. Duk mai wayar Android da aka buɗe wa adireshin Gmail yana da irin wannan ma'ajiya a wurin Google, ko da bai taɓa sanin da ita ba, mai iPhone kuma yana da tasa a iCloud na kamfanin Apple. Kowane kamfani yana ba da wani gwargwado kyauta, abin da ya wuce haka sai da kuɗi. Google na ba da gigabait 15, Apple na ba da 5, Microsoft ma na ba da 5 a OneDrive. Idan wurin ya kusa cika, kamfanin yakan aiko da saƙo. 'Yan damfara sun san da haka, shi ya sa suke kwaikwayon saƙon har da tambarin kamfani da launinsa. Saboda haka imel ɗin da ke cewa ma'ajiya ta cika yana iya zama gaskiya, yana iya zama tarko, kuma ba a rarrabe su da kallon fuska. Wurin da ake samun tabbaci shi ne cikin asusun kansa. Bayanin da ke biye ya fi karkata ga Google, domin wayoyin Android ne suka fi yawa a hannun jama'a.

Ma'ajiyar intanet daban take da memorin waya. Memorin waya yana cikin wayar, kuma idan ya cika wayar ce da kanta ke nuna gargaɗi a saman allo, ba ta aiko da imel. Ana iya samun waya mai sauran wuri da yawa amma ma'ajiyar Google ta cika maƙil, kamar yadda ake iya samun akasin haka. Sayen sabon katin memori ba ya ƙara komai a ma'ajiyar Google.

Abin da ke cinye gigabait 15

Gigabait 15 ɗin nan ba na Gmail kaɗai ba ne. Rabo ɗaya ne da Gmail da Google Drive da Google Photos suke ci tare. Sauye-sauye biyu ne suka sa mutane da yawa suka fara ganin saƙon cikar ma'ajiya bayan shekaru ba su gan shi ba. Na farko ya zo ranar 1 ga Yuni, 2021, lokacin da Google Photos ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka. Daga wannan rana, duk sabon hoto ko bidiyo da waya ta tura sai an lissafa shi cikin rabon. Waɗanda aka tura kafin ranar a matsakaicin inganci ba sa shiga lissafi, don haka goge su ba ya samar da wuri. Na biyu ya fara a ƙarshen 2023 ya bazu a farkon 2024, lokacin da kwafin hirar WhatsApp da wayoyin Android ke ajiyewa a Google ya fara shiga lissafi. Wannan na biyun ya fi taɓa masu amfani da WhatsApp sosai. Wanda ke cikin zaurukan dangi da na unguwa da na makaranta, ana ta turo bidiyon biki da wa'azi da muryoyi, kwafinsa na iya kai gigabait da dama ba tare da shi ya ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Gigabait ɗaya kusan megabait dubu ne. Hoton waya guda yakan ci megabait biyu zuwa biyar, bidiyon minti ɗaya mai kyau kuma yakan kai megabait ɗari ko fiye. Saƙonnin imel na rubutu zalla ba su da nauyi, shi ya sa wanda ya zauna yana goge su ɗaya bayan ɗaya yakan gaji ma'aunin bai motsa ba.

Abin da ke faruwa idan ta cika

Cikar ma'ajiya ba ta goge komai. Hotunan da ke ciki suna nan, takardu suna nan, ana iya buɗe su a sauke su. Abin da ke tsayawa shi ne shigowar sabon abu. Google Photos ya daina karɓar sababbin hotuna, Drive ya ƙi karɓar fayil, ba a iya ƙirƙirar sabuwar takarda a Google Docs, kwafin WhatsApp ya tsaya a ranar da ya tsaya. Mafi muni shi ne Gmail: mai asusu yana iya rasa damar aika saƙo da karɓarsa, kuma saƙon da aka aiko masa yakan koma wa wanda ya aiko. A nan ainihin asarar take, kuma ba ta da hayaniya. Ɗalibi mai jiran saƙon makaranta ko mai neman aiki da ke jiran kiran ganawa zai yi ta duba akwati yana ganin shiru, alhali saƙon ya zo an mayar da shi. Haka wanda wayarsa ta ɓace zai tarar cewa kwafin hirarsa na ƙarshe na watannin baya ne.

Kamar ɗakin ajiya ne da ya cika har bakin ƙofa: ba a fitar da kayan ciki, amma duk wanda ya kawo sabon kaya sai ya koma da abinsa.

A iCloud ma haka abin yake. Kwafin waya yana tsayawa, sababbin hotuna ba sa hawa, kuma adireshin imel na iCloud yana daina aikawa da karɓa. Da yake rabon Apple gigabait 5 ne kawai, masu iPhone sun fi saurin ganin gargaɗin, kuma sun fi sabawa da shi, abin da ke sa na bogi ya fi sauƙin shige musu.

Yaushe ake gogewa da gaske

Maganar gogewa tana da tushe, amma lokacinta dogo ne. Google na da ƙa'idoji biyu da ake yawan cakuɗa su. Ta farko ta shafi wanda ya zarce rabonsa: idan ya zauna a haka har shekara biyu bai rage kaya ba kuma bai sayi ƙarin wuri ba, kamfanin na iya goge abin da ke cikin Gmail da Drive da Photos. Kafin hakan, kamfanin ya ce zai sanar da mai asusu aƙalla wata uku kafin lokacin. Ta biyu ta shafi asusun da aka yi watsi da shi. A watan Mayun 2023 Google ya sanar cewa asusun mutum da ya yi shekara biyu ba a taɓa shi ba ana iya goge shi gaba ɗaya, kuma ƙa'idar ta fara aiki a Disambar 2023. Wannan ba ta da alaƙa da cika. Asusun da babu komai a ciki ma tana hawa kansa, kuma ba ta shafi asusun da makaranta ko wurin aiki suka buɗe wa mutum ba. Sanarwar takan zo sau da yawa cikin watanni, zuwa adireshin kansa da kuma adireshin ko-ta-kwana idan an saka.

Maganin ta biyun ba ya cin ko kwabo. Shiga asusun a karanta imel, ko a kalli bidiyo a YouTube, ko a sauke manhaja daga Play Store, duk yana mayar da lissafin shekara biyun farko. Wanda wayarsa ke ɗauke da asusun kullum ba ya cikin wannan haɗari. Asusun da ke cikin haɗari shi ne na tsohuwar waya da aka ajiye a durowa, ko na mamaci wanda hotunan iyali ke ciki kuma babu wanda ya sake buɗewa.

Daga nan ake samun ma'auni mafi amfani. Kamfanin gaskiya yana lissafi da watanni da shekaru. Saƙon da ya ce za a goge hotuna yau da dare, ko cikin awa 24, ko wanda ke da agogo mai ƙirga mintuna a jikinsa, ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin da yake iƙirarin ya fito daga gare shi. Gaggawar an saka ta ne domin kada mai karatu ya samu lokacin dubawa.

Yadda tarkon ke aiki

Saƙon bogi yana da maɓalli guda da yake son a danna. Bayan dannawa, hanya takan rabu biyu. Wani yana kai mutum shafi mai kama da na shiga Gmail ko iCloud, ya nemi adireshi da kalmar sirri. Duk abin da aka rubuta yana tafiya wurin ɗan damfara, wanda nan take yake gwada shiga da shi a shafin gaskiya. Idan kamfanin ya turo lambar tabbatarwa zuwa wayar mai asusu, shafin bogin zai nemi ita ma, kuma da zarar an rubuta ta an miƙa asusun. Ɗayar hanyar ta kuɗi ce: a nuna garaɓasar ƙarin wuri mai yawa a farashi ɗan kaɗan, a nemi lambar katin banki da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun da ke bayansa, sannan a nemi lambar OTP da banki ya turo. Ƙaramin farashin da aka nuna ba shi ne abin da ake cirewa ba, kuma wani lokaci ana ɗaura katin a kan biyan wata-wata na wani abu da mai katin bai taɓa nema ba.

Rasa asusun imel ya fi rasa kuɗin kati nauyi, domin ta imel ake sake kalmar sirrin Facebook da Instagram da sauran asusu. A cikinsa kuma akwai lambobin wayar dangi da abokan ciniki, da hotunan takardun shaida da mutane kan ɗauka su ajiye. Da waɗannan ne ake komawa ana roƙon 'yan'uwa kuɗi da sunan mai asusun.

Akwai alamomi a jikin saƙon. Sunan da ke bayyana a sama, kamar Google ko iCloud ko Cloud Storage, kowa na iya rubuta shi. Idan aka taɓa sunan, cikakken adireshin mai aikowa zai fito, kuma abin dubawa shi ne ɓangaren da ke bayan alamar @. Saƙon da bai ambaci sunan kamfani ba sam, sai dai kalmar Cloud kawai, an rubuta shi ne domin ya dace da kowa. Game da mahaɗin da ke ƙarƙashin maɓalli, idan aka danne shi da yatsa na ɗan lokaci ba tare da saki ba, wayar za ta nuna inda zai kai. Karanta adireshin yana da ƙa'ida: a nemo alamar / ta farko bayan https://, sannan a duba kalmomi biyun da ke dab da ita ta hagu.

```
https://one.google.com/storage
https://google.com.storage-alert.example/login
```

Na farko na google.com ne. Na biyu na storage-alert.example ne, an liƙa google.com a gabansa ne kawai domin ido ya tsaya a nan. Alamar kwaɗo a gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce, shafukan damfara ma suna da ita.

Sai dai waɗannan alamomi suna da iyaka. 'Yan damfara kan ajiye shafin da ke karkatar da mutum a wuraren ajiyar da manyan kamfanoni ke bayarwa haya, har mahaɗin ya fara da storage.googleapis.com, wanda adireshin Google ne na gaske amma kowane mai haya na iya saka fayil a ciki. Kuskuren rubutu da a da ake gane su da shi ma ya ragu ƙwarai. Saboda haka duba alamomi yana iya tabbatar da cewa saƙo na bogi ne, amma ba ya isa ya tabbatar da cewa na gaskiya ne. Abin da ya isa shi ne a rufe saƙon, a buɗe burauza, a rubuta one.google.com/storage da hannu, ko a taɓa hoton asusu a saman manhajar Gmail ko Google Photos a ga ma'aunin. Mai iPhone zai shiga Settings, ya taɓa sunansa, ya zaɓi iCloud. Idan ma'aunin ya nuna gigabait 6 cikin 15, saƙon ƙarya ne komai kyawunsa. Idan ya nuna an cika, matsalar gaskiya ce, amma duk da haka ba dole ne saƙon ya zama na gaskiya ba, tunda ana watsa na bogi ga dubban mutane kuma dole ya faɗa kan wasu da ma'ajiyarsu ta cika. Ko ta yaya, daga cikin asusun ake gyara, ba ta maɓallin imel ba.

Misali da lissafinsa

A ɗauki misalin tela mai ɗaukar hoton ɗinkunanta tana tura wa masu saye ta WhatsApp. Ta samu imel cewa ma'ajiyarta ta cika. Ba ta danna komai ba, ta buɗe shafin ma'auni, ta tarar da gigabait 15.2 cikin 15. Rabe-raben ya nuna Google Photos ya ci 7.1, kwafin WhatsApp 6.2, Gmail 1.4, Drive 0.5. Lissafin da kansa ya nuna inda aikin yake: ko da ta share Gmail da Drive kakaf, abin da za ta samu bai kai gigabait biyu ba.

Ta fara da WhatsApp. A cikin Settings, sai Chats, sai Chat backup, akwai zaɓin Include videos. Kashe shi yana sa kwafi na gaba ya tafi ba bidiyo, kuma bidiyo ne mafi yawan nauyin. Abin da ta sadaukar shi ne, idan wayar ta ɓace bidiyoyin hira ba za su dawo ba, amma rubutu da hotuna da muryoyi za su dawo. A misalin nan kwafin ya sauko daga 6.2 zuwa 2.

Sai Google Photos, inda aka fi yin kuskure mai zafi. Manhajar tana nuna hotunan waya da na ma'ajiya a haɗe, kuma goge hoto a cikinta yana goge shi a wuraren biyu. Mutane da dama sun share hotunan shekaru suna zaton kwafin intanet kawai suke cirewa. Hoton da aka goge yana zama a kwandon shara na wani lokaci idan an riga an tura shi ma'ajiya, kuma a cikin wannan lokaci ana iya dawo da shi. Akwai kuma maɓallin Free up space, wanda sunansa ke ruɗarwa: yana cire kwafin da ke waya ne ya bar na intanet, wato yana sauƙaƙa wa memorin waya amma ba ya rage ma'ajiyar Google ko kaɗan. Hanyar da ta dace ita ce a fara kwashe manyan bidiyo zuwa kwamfuta ko filashi, a buɗe su a can a tabbatar suna aiki, sannan a goge. Shafin takeout.google.com yana ba da damar sauke komai a dunƙule, sai dai yana cin data sosai. Telar ta kwashe bidiyon biki guda goma masu nauyin gigabait 2.5, sannan ta mayar da ingancin turawa zuwa Storage saver domin sababbin hotuna su riƙa cin wuri kaɗan.

A Gmail, wannan binciken yana fito da saƙonni masu nauyi kaɗai:

```
has:attachment larger:10M
```

Bayan gogewa sai an zubar da kwandon shara, domin abin da ke cikin kwandon Gmail da na Drive yana ci gaba da shiga lissafi har kwana 30 kafin ya tafi da kansa. Da ta cire megabait 600 a nan, jimillarta ta dawo kusan gigabait 7.9. Ma'aunin ba ya sauka nan take kowane lokaci, idan an goge kaya da yawa yakan ɗauki kwana biyu ko uku.

Sayen ƙarin wuri ma hanya ce, kuma ga mai sana'ar da hotuna ne jarinta yana iya fin gogewa ma'ana. Google One na da tsarin gigabait 100, Apple na da na 50 da na 200. Ana saye daga cikin manhajar ko saitin waya. Abin lura shi ne haya ce ta wata-wata ko ta shekara. Ranar da kati ya ƙi biya kuma wa'adi ya wuce, rabon yana komawa na kyauta, mai gigabait 60 a ciki ya zama ya zarce iyaka, Gmail ɗinsa ya tsaya. Wannan ne ya sa saƙon bogi mai cewa biyan kuɗi bai shiga ba ya yawaita. Wanda bai taɓa sayen ƙarin wuri ba babu wani biya da zai gaza masa, wanda ya saya kuma zai ga matsayin biyansa a cikin Play Store ko a saitin iPhone.

Idan an riga an danna

Buɗe saƙon ko danna mahaɗin kaɗai, ba tare da rubuta komai ko sauke wata manhaja ba, galibi ba ya jawo asara. Idan an rubuta kalmar sirri, sai a canza ta nan take a myaccount.google.com, a shiga sashen tsaro a fitar da duk na'urar da ba a sani ba, a duba ko an sauya lambar waya ko adireshin ko-ta-kwana, sannan a kunna 2-Step Verification. Wurin da ake yawan mantawa shi ne saitin Gmail na tura saƙo da na tacewa, inda ɓarawo kan bar umarnin a riƙa aika masa kwafin duk imel da ya shigo, umarnin da ke ci gaba da aiki ko bayan an canza kalmar sirri. Duk wani asusu da ke amfani da kalmar sirri iri ɗaya shi ma sai an canza masa. Idan bayanan kati aka bayar, a toshe katin ta manhajar banki ko a kira lambar da ke bayansa kafin a yi komai, domin mintuna ne ke raba toshewa da cirewa. Google da Apple ba sa neman lambar sirrin kati ko BVN, kuma ba sa neman a aiko musu kalmar sirri ta imel.

Duk waɗannan matakai suna buƙatar mai asusu ya san kalmar sirrinsa kuma lambar wayarsa ce a kan asusun. A kasuwannin waya, sau da yawa mai shago ne ke buɗe wa mai saye Gmail, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, wani lokaci ya saka tasa lambar ko ya bar wurin babu komai. Mai irin wannan asusu ba zai iya shiga daga wata na'ura ba, kuma idan aka ƙwace asusun ba shi da hanyar dawo da shi. Gyaran yana yiwuwa ne tun wayar tana hannu kuma asusun na buɗe a cikinta: a shiga Manage your Google Account, a je sashen tsaro, a saka lambar waya mai aiki da adireshin ko-ta-kwana, a sake kalmar sirri, a rubuta ta a takarda a adana a gida. Idan layin da ke kan asusun ya mutu ko an canza shi, a sabunta lambar a wannan sashen, domin kamfanonin sadarwa kan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kuma lambobin tabbatarwa za su riƙa zuwa wa sabon mai layin.